Bakwaini bayan sallama: da wane lissafi ake auna masa magani?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da bayani. Yarinyata bakwaini ce, cikin yana sati 30 na haife ta, kilo 1.3 ta zo, muka yi zaman kwalba aka sallame mu tana 1.6. Yanzu satinta 12 a duniya, awon da aka mata ranar Litinin kilo 2.8 ne alhamdulillah. To gobe za mu je allurar rigakafi ta biyu, shi ne babanta ya siyo farasitamol na ruwa saboda zafin jiki, mai kemis ɗin ya ce tunda ta kusa wata uku a ba ta 2.5 ml sau huɗu a rana kamar yadda aka rubuta a kwalin. Ni kuma na tuna ranar sallama wata nas ta ce min in dinga tuna cewa ba daga ranar haihuwa ake lissafa mata komai ba, amma ban gane sosai ba lokacin kaina ya yi zafi. Shin 'yar wata uku ce wajen magani ko kuwa me? A kwalbar an rubuta 120mg/5ml.

Hajiya Umma: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya ta ya ba ta lafiya. Ni dai a sanina bakwaini ba a gaggawar yi masa allura, a bari sai ta yi ƙwari ta cika arba'in ɗinta na gaskiya tukunna. Jikana haka aka yi masa.

Abban Sadiq: Ni ina da shagon magani shekara da shekaru, gaskiya maganar wata ba ta da wani amfani a yara, kilo ake bi. Farasitamol 10 zuwa 15 mg ne a kowane kilo, ki lissafa da 2.8 shi kenan. Wanda ya ce miki 2.5 ml bai tambayi nauyinta ba ne, ya yi mata yawa.

Dr. Hauwa: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Kada ki ba ta 2.5 ml ɗin nan, bari na miki lissafin a hankali ki gani da kanki.

Ciki cikakke sati 40 ake lissafa shi. Kin haihu a 30, kenan ta riga lokacinta da sati 10. Yau satinta 12 a duniya, idan kika cire 10 saura 2. To a gyararren lissafi 'yarki jaririya ce 'yar sati biyu, wato da ta jira ranarta da yanzu ko wata ɗaya ba ta yi ba. Abin da nas ɗin take nufi kenan. Mu a asibiti mukan haɗa su ma, satin ciki da na duniya, 30 da 12, mu ce tana sati 42, duk abu ɗaya ne.

Yanzu ga maganin. Kwalbarki 120 mg ce a cikin 5 ml, kenan kowane ml ɗaya yana ɗauke da 24 mg. Idan kika ba ta 2.5 ml kin ba ta 60 mg, ki raba da kilo 2.8 za ki ga ya wuce 21 mg a kowane kilo, alhali abin da ake so 10 zuwa 15 ne kamar yadda Abban Sadiq ya faɗa. Sau huɗu a rana kuma ya zama 240 mg, wajen 86 mg kenan a kowane kilo, jariri irinta kuwa ba a so ya wuce 60 a kowane kilo cikin awa 24. Wancan awon na kwali an yi shi ne don yaron da aka haifa a kan lokaci, wanda a wata uku yawanci ya kai kilo biyar ko shida. Nata ya kamata ya faɗa tsakanin 28 da 42 mg, wato 1.2 zuwa 1.7 ml, ni a irin wannan 1.5 ml nake rubutawa, duk bayan awa 8, kuma sai idan da buƙata, ba wai a ɗora ta a kai ba. Amma ki tafi da kwalbar gobe, a sake ɗora ta a sikeli, wanda ya gan ta da idonsa ya rubuta miki a kati.

Maman Ilham: Innalillahi, ashe kusan ninki biyu kenan. Na gode likita Allah ya saka. To amma kin ga Abban Sadiq ya ce kilo kawai, kuma lissafinku ya zo ɗaya, ina amfanin cire sati goman kenan?

Abban Sadiq: Abin da nake faɗa kenan ai. Mun zo wuri ɗaya ba tare da na san satin cikin ba.

Dr. Hauwa: Kun zo ɗaya a yawan da za a ba ta sau ɗaya, Malam, amma ba ku zo ɗaya a tazara ba. Kilo yana faɗa maka nawa za ka zuba a sirinji. Ba ya faɗa maka bayan awa nawa za ka ƙara, ba ya faɗa maka iyakar na yini, kuma ba ya faɗa maka ko maganin ma ya halatta a ba shi. Waɗannan ukun hanta da ƙoda ne suke yanke su, su kuma ba ranar suna suka fara ƙirga kwanakinsu ba, tun daga ciki suke ginuwa. Ƙodar jariri ba ta gama haɗa matatunta sai ciki ya kai wajen sati 34 zuwa 36, Ilham kuwa tana waje aka ƙarasa wannan aikin. Hanta ma hanyoyin da take narkar da magani ba su gama buɗewa ba. Farasitamol da babba yake fitar da rabinsa daga jini cikin awa 2 zuwa 3, a bakwaini ɗan ƙasa da sati 32 yana iya kai awa goma ko fiye, shi ya sa irin waɗannan ƙananan a ɗakin kwalba awa 8 zuwa 12 ake sa musu tsakani, iyakar yininsu ma 30 mg ce a kilo ba 60 ba. Idan ka ba da na biyu kafin na farko ya fita sai ya taru, kowane ɗaya daidai ne a sirinji amma a jini ya yi yawa. Ɗan wata uku na gaske ana iya ba shi duk awa 4 zuwa 6, ita kuwa 6 zuwa 8, saboda a wajen hantarta jaririya ce sabuwa.

Abban Sadiq: Toh na ji wannan. Amma a gaskiya mu a shago wa zai zo maka da satin ciki? Uban ne yake zuwa ya ce yaro wata uku jikinsa da zafi, ko kilo bai sani ba balle sati.

Sista Rabi: Shi ya sa sai ka tambaya Malam, kalma biyu ce, a kan lokaci aka haife shi? kuma ya kwanta a kwalba? In ya ce eh to kada ka karanta masa kwali, ka tura shi asibiti. Ni ina ɗakin jarirai, wallahi abin da ya fi damuna ba ma wannan ba ne, farasitamol na ɗigo ne. Akwai mai 100mg/ml, ƙaramar kwalba mai abin ɗiga. Uwa ta saba da 1.5 ml na wancan, ya ƙare aka siyo mata wannan, ta ja 1.5 ml ɗin da ta sani, ta ba yaro 150 mg a tashi ɗaya. A yarinya mai kilo 2.8 ya wuce 50 mg a kilo kenan, kusan na yini guda a baki ɗaya. Da wannan na ɗigon abin da Ilham za ta sha bai kai 0.4 ml ba. Don haka Maman Ilham ki sa a rubuta miki mg ɗin ba ml kaɗai ba, kuma duk ranar da aka canza kwalba a sake lissafi. Sannan ban da cokali, ban da murfin nan da yake zuwa da kwalbar, ba za ki iya auna 1.5 da shi ba. Ki siyi sirinji na 2 ml ki cire allurar, ki dinga zuba mata kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu.

Maman Ilham: In sha Allah Sista. Idan mutum ya riga ya ba da yawa fa ta yaya zai gane?

Sista Rabi: Nan ne matsalar, ranar farko ba lallai ki ga komai ba, ko ɗan amai da ƙin nono wanda za ki ɗauka na ciwon ne. Sai bayan kwana biyu zuwa uku hanta take nunawa, ido ya yi ɗorawa, yaro ya yi laushi. Maganin da yake karya shi kuma ya fi aiki in an fara cikin awa 8 na farko. Saboda haka ba a jiran alama, da kin gane an yi kuskure ki ɗauki yaro da kwalbar ki tafi, ki faɗi nawa aka ba shi da ƙarfe nawa.

Hajiya Umma: To ni maganata ta allura ba wanda ya tanka. Tunda kun ce 'yar sati biyu ce, ai kun ga gaskiyata, ta yaya za a yi wa 'yar sati biyu allurar 'yan sati goma?

Dr. Hauwa: Ki yi haƙuri Hajiya, ina zuwa kanta. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa har da ma'aikata, domin rigakafi shi ne babban abin da ba a gyara masa lissafi. Daga ranar haihuwa ake ƙirga masa, sati 6, sati 10, sati 14, kuma cikakken awo ake yi ba a rage wa bakwaini ko ɗigo, matuƙar dai yaron yana cikin lafiya a ranar. Dalilin daban ne da na farasitamol. Rigakafi ba abu ne da hanta za ta narkar ko ƙoda ta tace ba, koya wa garkuwar jiki ake yi, ita kuma tana amsawa ko a bakwaini. Sannan kariyar da uwa take ba ɗanta ta mabiyiya mafi yawanta a wata ukun ƙarshe take wucewa, wanda Ilham ta rasa kaso mai yawa daga ciki, ga shi kuma tun ranar da ta fito take shaƙar iskar da kowa yake shaƙa. Tarin shiƙa ko ciwon haƙarƙari ba sa jiran ta yi ƙwari, sun ma fi kayar da irinta. Jinkirta mata ƙara mata kwanakin zama ba kariya ne.

Hajiya Umma: Allah sarki. Mu dai tausayi ne, cinyar ba nama. Amma na ji.

Maman Ilham: Ai mu ma ta farkon sai tana sati 8 aka mata, a wajen rigakafin aka ce mu koma sai ta ƙara kilo, shi ya sa ta biyun ta zo yanzu.

Sista Rabi: Ba a sake farawa daga farko, a ci gaba kawai, sati huɗu tsakanin kowace. Kada ki bari ta ukun ta ƙara ja.

Baban 'Yan Biyu: Salam. Nawa 'yan biyu ne, sati 34 aka haife su, yanzu watansu 7, ɗaya kilo 6.4 ɗaya 7. Kenan duk maganin da ake ba su tun tuni kuskure ne? Ba a taɓa ce mana mu cire komai ba. Kuma har yaushe ake wannan ciren, har su shiga makaranta?

Dr. Hauwa: A'a Baban 'Yan Biyu kwantar da hankalinka. Naka sati 6 suka riga, a gyare watansu biyar da rabi kenan, kuma tsakanin ɗan wata biyar da rabi da ɗan wata bakwai babu wani babban bambanci a yawancin magunguna, kilonsu ne zai yi aiki. Abin da zan ce ka kula da shi kawai kada a ba su awo ɗaya don tagwaye ne ba tare da an duba nauyin kowa ba. Gyaran yana da nauyi ne a farko-farko, lokacin da cire satuttukan zai mayar da yaro ƙasa da wata iyaka, kamar wata ɗaya ko wata uku. Wajen duba girma da zama da rarrafe da tafiya kuwa ana gyarawa har shekara biyu.

Famasist Nura: Likita na yarda da kusan duka, amma ina so in ƙara wani abu kada mutane su tafi da cewa gyararren lissafi shi kaɗai ne gaskiya. Yarinyar nan ba daidai take da jaririn da aka haifa a kan lokaci sati biyu da suka wuce ba. Ta yi sati 12 tana shan nono tana fitsari, kuma haihuwa kanta tana tayar da ƙoda, jinin da yake bi ta cikinta yana ƙaruwa sosai a satuttukan farko ko da bakwaini ne. Shi ya sa a jadawalin jentamaisin na jarirai, wato allurar kashe ƙwayoyin cuta, za ka ga layi biyu, satin ciki da na duniya a haɗe, da kuma kwana nawa da haihuwa, duka ake dubawa kafin a ce duk awa 24 ko 36 ko 48. Idan aka riƙe yaro a matsayin ɗanye fiye da yadda yake, aka yi ta tsawaita tazarar maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai a ba shi ƙasa da abin da zai warkar da shi, wannan ma illa ce.

Dr. Hauwa: Gaskiya ne Malam Nura, ban musa ba. Amma wannan lissafin na gadon asibiti ne inda akwai jadawali a bango kuma ana iya duba jini. Uwa a gida da kwalbar siraf a hannu, ni na fi so ta ɗauki ƙaramin lissafin, domin farasitamol in ya ɗan gaza yaro ya ɗan ji zafi ne, in ya wuce kuwa hanta ce.

Famasist Nura: A farasitamol da ibufurofen na bi ki. A maganin ƙarin jini ne nake ganin akasin haka yake faruwa kullum. Maman Ilham an ba ku na ƙarin jini da aka sallame ku? Nawa kike ba ta, kuma me aka rubuta a kwalbar?

Maman Ilham: Eh an ba mu, 0.4 ml kullum, jikin kwalbar 50mg/5ml. Tun sallama haka nake ba ta ban taɓa fashi ba.

Famasist Nura: Kin gani ko. 10 mg ne a kowane ml, kenan 4 mg take sha. Tana kilo 1.6 wannan ya kama 2.5 mg a kilo, daidai ne, don bakwaini 2 zuwa 4 mg a kilo ake so a yini. Yanzu da ta kai 2.8 ya sauko bai kai 1.5 ba, ta girme wa awon. Ko a mafi ƙaranci tana buƙatar wajen 0.6 ml. Shi wannan ba ruwansa da cire sati goma, ana fara shi ne da lissafin haihuwa, daga sati biyu zuwa wata ɗaya, saboda ajiyar sinadarin ƙarfen da jariri yake samu daga uwa a ƙarshen ciki ita ba ta samu ba, ga ɗiban jini da aka yi ta yi a kwalba, ga saurin girma. Ki nuna musu gobe su gyara miki, kuma duk awo ki tambaya ko za a ƙara. Kada dai ki ƙara da kanki ki wuce, shi ma yawansa guba ne, ki ajiye shi inda yayyenta ba za su kai ba.

Maman Ilham: Toh wlh ban san ana ƙarawa ba, na ɗauka abin da aka rubuta shi kenan har ya ƙare. Ibufurofen ɗin da ka ambata fa? Maƙociyata ta ce ya fi saurin sauke zafi.

Famasist Nura: Ki bar shi gaba ɗaya yanzu. Sharaɗinsa wata uku da kilo biyar, ita ko da lissafin haihuwa ba ta cika ukun ba, a gyare kuwa saura nisa, kilon ma rabi take da ɗan ɗori. Yana rage jinin da yake zuwa ƙoda, in yaro yana zazzaɓi ba ya shan nono sosai nan ne yake yin ɓarna.

Malam Isiya: Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti na ƙauye, ba mu da likita. Kwanaki an kawo min yaro satinsa 7, yana numfashi da sauri ya ƙi nono, uwar ta ce bakwaini ne amma ba kati ba komai. Alluran kashe ƙwayoyin cuta da muke da su seftiriyazon ne da jentamaisin. Na tura su babban asibiti amma kafin su samu mota an daɗe. A irin haka me ya kamata in duba?

Dr. Hauwa: Ka yi daidai da ka tura su Malam Isiya. Seftiriyazon yana cikin magungunan da aka rubuta musu iyaka ƙarara da wannan lissafin, ba a ba bakwaini shi sai satin ciki da na duniya a haɗe sun kai 41. In an haifi yaron nan a sati 31, da 7 ɗinsa 38 kenan, bai kai ba, duk da a ido ya kusa wata biyu. Dalili shi ne maganin yana ture sinadarin shawara daga inda yake maƙale a jini ya sake shi, a irin wannan jaririn yana iya hawa ƙwaƙwalwa, musamman in da sauran ɗorawa a jikinsa. Allurar farko kafin tura yaro ɗan ƙasa da wata biyu, ampisilin ko fenisilin da jentamaisin ce a tsarin da aka koya muku, a auna da kilo, a ɗumama shi a jikin uwarsa, a ci gaba da ba shi nono ko a tatsa, a tafi.

In ba kati kuwa, ka tambaye ta wane wata aka ce mata za ta haihu, ko ta haihu saura nawa. Mata da yawa ba su san sati ba amma sun san an ce musu bayan ƙaramar sallah sai ga shi tun kafin azumi. Wannan ya ishe ka kimantawa. Mai katin awo kuma ta duba inda aka rubuta EDD, wato ranar da aka ce za ta haihu, daga wannan ranar ake fara ƙirga gyararren lissafi, ba sai an yi ta cire-cire ba. In an yi hoton ciki tun yana ƙarami, ranar da ya bayar ta fi ta hoton ƙarshen ciki inganci. In duk babu, ka ɗauke shi a ƙarami.

Malam Isiya: Na gode ƙwarai. Ampisilin ɗin ne ba kullum muke da shi ba, amma zan kai maganar gaba.

Sista Rabi: Maman Ilham wani abu kafin ki kwanta, don kada farasitamol ɗin ya rufe miki ido. Zafin rigakafi yana zuwa ne a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, yarinya tana ɗan rigima amma tana shan nononta. Ki samu abin gwada zafi ki sa a hammata. In ya kai 38, ko ta yi sanyi ƙasa da 35.5, ko ta ƙi nono, ko numfashinta ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinta yana lotsawa, ko tana ɗauke numfashi ta yi shuɗi-shuɗi, ko ta yi laushi ba ta motsi sai an taɓa ta, to ba maganar siraf ba ce, asibiti ne ko da tsakar dare. Zazzaɓi a wajenta zazzaɓin 'yar sati biyu ne, haka za ki faɗa wa duk wanda ya karɓe ku, ki fara da cewa bakwaini ce ta sati 30 kafin ki faɗi watanninta. Kuma kada ki ba ta maganin tun kafin allurar don rigakafin zafi, ki bari sai kin ga buƙata.

Maman Ilham: Na rubuta duka a takarda. Allah ya biya ku.

Maman Nafisa Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa tambayar ta damina ce. Nan wajenmu masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro suna bi gida-gida kowane wata, daga wata 3 suke farawa har ƙasa da shekara biyar, na san ku ma can Katsina da Kano ana yi. Su wata kawai suke tambaya ba sa awo. Ɗan ƙanwata an haife shi a sati 32, lokacin da za su zo zai cika wata uku cif da haihuwa, kilonsa bai kai huɗu ba. A karɓa ko a bari?

Dr. Hauwa: A gyare bai wuce sati biyar ba kenan. Ni da za a tambaye ni, a bari zagayen nan ya wuce. Ƙwayar farko tana da salfa a ciki, irin wanda ake guje wa a jarirai 'yan ƙasa da wata biyu saboda shawara, kuma awon 'yan wata 3 zuwa 11 guda ɗaya ne ga kowa, an yi shi da tunanin yaro mai kilo biyar zuwa sama. A kwana da shi cikin gidan sauro, in ya yi zazzaɓi a kai shi a gwada, a shiga rabon in ya cika ukun a gyare.

Famasist Nura: Ni a nan ina da ja kaɗan likita. Haɗarin salfa da shawara ya fi yawa a satuttukan farko bayan haihuwa, yaron da ya yi wata uku a duniya idonsa fari tas ba ya cikin wannan halin kamar sabon haihuwa. Kuma in aka jira wata biyu nan gaba damina ta yi nisa, lokacin da sauro ya fi yawa ya wuce shi ba kariya, shi da jininsa ma da ƙyar ya isa. Abin da ya fi tsaya min kilon ne ba watan ba. Da ya kai biyar da sai in ce a ba shi.

Dr. Hauwa: To ai bai kai ba, kuma da wuya ya kai kafin zagaye na biyu. Mun haɗu a wannan yaron ko da dalilinmu ya bambanta. Wanda ya kai kilo biyar amma bai cika uku a gyare ba, shi ne zan so likitan da yake bibiyarsa ya gan shi ya yanke, ba a bakin ƙofa ba.

Maman Nafisa Maraɗi: To masu rabon in an ce a'a sukan ce an ƙi magani, su rubuta gidan. Me za ta ce musu?

Sista Rabi: Ta je likita da shi kafin ranar, a auna shi, a rubuta mata a katinsa cewa bakwaini ne, ga kilonsa, ga watan da zai fara. In sun zo ta nuna musu, sauran yaran gidan kuma su sha nasu.

Abban Sadiq: Famasist dan Allah in ka samu lokaci ka turo mana na amoksisilin shi ma, akwai mai 125 akwai mai 250 a 5 ml, kuma shi ne aka fi zuwa nema wa jarirai.

Famasist Nura: Zan turo, amma na jariri ɗan ƙasa da wata biyu a gyare ba na siyarwa a shago ba ne ba tare da an duba shi ba, Malam. Sai da safe in na fito aiki.